Yaro Ya Ƙi Kwanciya, Miyau Na Dalala: Ciwon Maƙogwaron da Ba a Kwana da Shi a Gida

Yawancin ciwon maƙogwaro da ke kama yara ba abin tashin hankali ba ne. Mura ce ta sauko, ko hanƙa ta kumbura, yaro ya yi kwana uku yana ƙyuyar abinci, a ba shi maganin zazzaɓi da ruwa mai ɗumi, ya warware. Saboda haka ne iyaye suka saba cewa a bari zuwa safe a gani. Sau da yawa kuma suna da gaskiya. Amma akwai wani ciwo guda da wannan jiran ke iya zama ajalin yaro, domin yana iya toshe hanyar numfashi tsakanin azahar da tsakar dare. Likitoci suna kiransa efigulotayitis. Ba ya yawan faruwa, sai dai alamunsa a fili suke, kuma uwar da ta san su za ta gane shi daga ƙofar ɗaki ba tare da ta buɗe bakin yaron ba. Buɗe bakin ma, kamar yadda za mu gani, shi ne babban abin da ake gudu.

A cikin wuyan mutum hanyoyi biyu ne suke tafiya kusa da juna. Ta gaba ita ce ta iska, wadda ke sauka huhu, ta baya kuma ita ce ta abinci. A gindin harshe, can ciki inda ido ba ya kaiwa, akwai wani ɗan guringuntsi siriri da ke tsaye a bakin hanyar iska. Aikinsa kamar na marfin buta ne: idan mutum zai haɗiye tuwo ko ruwa sai ya kifa ya rufe hanyar iska, idan an haɗiye ya sake tashi numfashi ya wuce. Ranar da ya makara da rufewa ne mutum ke ƙwarewa ya kama tari. Wannan marfi shi ne efigulotis. Ya kamata a bambanta shi da beli, wanda ke reto daga ganda, wanda kowa ke gani idan yaro ya wangale baki. Beli yana sama, marfin yana ƙasa, kuma cire beli ba ya taɓa ciwon marfin ko kaɗan.

Idan ƙwayar cuta ta kama wannan marfi, sai ya kumbura, ya yi ja, ya yi kauri, shi da naman da ke kewaye da shi. Wurin da yake zaune kuwa ba shi da sarari. Kumburin da in a ƙafa yake ba wanda zai kula da shi, a nan ƙofar numfashi yake tsukewa. Likitocin yara suna da wani lissafi da suke koya wa ɗalibai: hanyar iskar jariri faɗinta kusan milimita 4 ne, to idan bangonta ya kumbura da milimita 1 kacal a zagaye, faɗin ya koma 2, kuma kashi uku cikin huɗu na sararin da iska ke bi ya tafi. Babban mutum zai jure irin wannan kumburi, ƙaramin yaro ba zai jure ba. Idan kuma yaron ya fashe da kuka yana fizgar iska da ƙarfi, iskar kan rikice a cikin matsatsin wurin, shigarta ta ƙara wuya. Daga nan ne dokar farko ta wannan ciwo ta fito, wato kada a sa yaron kuka.

Ƙwayar da ta fi kawo shi ga yara ita ce wadda ake taƙaita sunanta da Hib. Tana zama a hanci da maƙogwaron mutane, wasu ba ta yi musu komai, tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Ita ce kuma ke jawo wani nau'in sanƙarau da ciwon huhu ga ƙananan yara. Akwai wasu ƙwayoyin da kan kawo kumburin, haka ma ƙunar abu mai tsananin zafi da yaro ya kurɓa, ko sinadari mai cin nama irin sodar haɗa sabulu. Yaran da suka fi kamuwa su ne 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda ba a kammala musu rigakafi ba, da masu ciwon sikila, domin jikinsu ba ya iya yaƙi da irin wannan ƙwaya yadda ya kamata.

Yadda yake zuwa

Bari mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara 4, mai nauyin kilo 15, wanda aka yi masa allurar rigakafi ta farko aka daina kai shi. Da safe lafiyarsa lau, ya sha kokonsa ya fita wasa. Wajen azahar jikinsa ya yi zafi, ya ce wuyansa na ciwo. Uwa ta ba shi farasitamol, ya haɗiye da ƙyar. Da la'asar ya ƙi abinci. Da magariba ko ruwa aka miƙa masa sai ya kau da kai, zazzaɓin kuma ya haura 39. Bayan isha'i uwar ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi kwanciya. Ya zauna ya dafa hannuwansa biyu a ƙasa a gabansa, ya karkato gaba, ya miƙa wuya, haɓarsa a ɗage, baki a buɗe, miyau yana zuba a kan rigarsa. Ba ya tari. Ba ya kuka. Idan aka yi masa magana sai ya amsa da wata murya dusasshiya, can ƙasa, ko ya yi shiru yana kallon uwar da idanu a tsorace.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu tana da dalilinta, kuma sanin dalilin ne ke sa mutum ya ɗauke su da muhimmanci. Miyan da ke dalala ba wai ya ƙaru ba ne. Yaro mai lafiya yana haɗiye miyansa dare da rana ba tare da ya sani ba, wannan kuwa haɗiyar ta zame masa azaba, sai ya bar shi ya zuba. Dalalar miyau ga jariri mai haƙori ba komai ba ce, amma ga ɗan shekara 4 da ya daɗe da daina ta, kuma yana cikin zazzaɓi, babbar magana ce. Zaman da ya yi kuwa dabara ce da jikinsa ya samo masa. Idan ya karkata gaba ya miƙa wuya, harshe da kumburarren marfin suna rinjayowa gaba, su bar 'yar kafa a baya da iska ke bi. Idan aka kwantar da shi rigingine sai su koma baya su zauna a kan kafar. Saboda haka yaron da ya ƙi kwanciya ba taurin kai yake yi ba, ya fi kowa sanin yadda numfashinsa ke shiga. Shirun da ya yi ma haka ne: duk ƙarfinsa ya tattara shi a kan jan iska a hankali.

Daga baya ne ake fara jin wani sauti mai kaushi duk lokacin da ya ja numfashi, a ga ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa. Wannan alama ce ta cewa hanyar ta tsuke sosai, kuma kuskure ne a jira sai an ji ta kafin a tashi. Abin da ya fi yaudarar iyaye shi ne abin da ke biyo bayanta. Yaron ya gaji, sautin ya ragu, ya fara gyangyaɗi, sai a ce alhamdulillahi ya samu sauƙi, a kwantar da shi. Raguwar sauti ga yaron da ke lanƙwashewa, ko leɓɓansa da harshensa suka yi duhu, nufinta iskar da ke shiga ta ragu ƙwarai. Mintoci suka rage.

Akwai cututtukan da ke kama da shi, kuma yana da kyau a san bambancin. Wanda likitoci ke kira kuruf ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 3, yana biyo bayan mura ta kwana ɗaya ko biyu, alamarsa kuma tari ne mai ƙara da shaƙewar murya. Mai kuruf yakan sha ruwa, yakan yarda ya kwanta. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da wasu jihohin Arewa tun ƙarshen 2022, yana ɗaukar kwanaki kafin ya yi tsanani, wuya yana kumbura daga waje, kuma wata fata-fata mai ruwan toka tana shimfiɗuwa a maƙogwaro. Yaron da gyaɗa ko murfin biro ya sarƙe shi kuwa, nan take abin ke faruwa yana cikin ci ko wasa, babu zazzaɓi. Ƙurji mai mugunya a bayan maƙogwaro shi ma yana sa dalalar miyau da ƙin haɗiya. Amma ba aikin uwa ba ne ta tsaya tantancewa da dare. Duk waɗannan na asibiti ne. Abin da take bukata kawai shi ne ta san cewa zazzaɓi, da ciwon wuya mai ƙaruwa cikin sa'o'i, da dalalar miyau, da zaman karkata gaba, idan suka haɗu ga yaro ɗaya, ba a jiran asuba.

Abin da hannun mai taimako ke ɓatawa

A nan ne nake so mai karatu ya fi natsuwa, domin abubuwan da muka saba yi wa yaro mai ciwon wuya, cikin ƙauna da kyakkyawar niyya, su ne suka fi haɗari a wannan ciwo.

Abu na farko da kowace uwa ko kaka ke yi shi ne ta ce buɗe bakinka in gani, ta ɗauko cokali ta danne harshe, wani ya haska tocila. Ba za ta ga komai ba, don marfin yana ƙasa da inda ake iya hangowa. Amma danna harshen yana sa yaro kakarin amai da tsoro, maƙogwaron ya ɗaure, 'yar kafar da ta rage ta rufe baki ɗaya. Su kansu likitoci an hana su leƙa maƙogwaron irin wannan yaro da katakon danna harshe, sai a wurin da kayan buɗe hanyar iska suke a shirye.

Na biyu shi ne wanzami. A garuruwa da ƙauyukanmu da yawa, idan yaro ya kasa haɗiya, fassarar da ta fi saurin zuwa ita ce beli ne ya sauko ko hakin wuya ne ya taso, a kira wanzami ya cire. A duba abin da wannan aiki ya ƙunsa: a danne yaro, a kwantar da kansa baya, a buɗe bakinsa da ƙarfi, a danne harshe, a sa ƙarfe a yanka, jini ya zubo cikin maƙogwaro yana ihu. Duk abin da aka hana yi wa mai kumburin marfi an tara shi a zama ɗaya, kuma a kan naman da lafiyarsa ƙalau. Ina girmama wanzamai a kan matsayinsu a cikin al'umma, kuma saboda mutane suna jin maganarsu ne nake ganin su ya fi kamata su san wannan ciwo. Wanzamin da aka kawo wa yaro yana zazzaɓi, miyau na zuba, ya ƙi kwanciya, ya ce wannan ba nawa ba ne, ku wuce asibiti yanzu, ya ceci rai.

Na uku shi ne ɗura. Yaro ya yini bai ci ba, hankalin uwa ya tashi, sai a riƙe shi a ɗura masa koko, ko jiƙo, ko rubutu, ko zuma, ko maganin ruwa. Yaron da ya kasa haɗiye miyansa ba zai haɗiye komai ba. Abin da aka ɗura sai ya bi hanyar iska. Addu'a a yi ta a kan hanya, a tofa masa a ka, amma kada a sa komai a bakinsa. Haka nan tsayawa a kemis a yi masa allura ɓata lokaci ne da jawo kuka. Maganin kashe ƙwayar cuta, ko da shi ne daidai, yana bukatar sa'o'i masu yawa kafin kumburi ya fara sauka, kuma mai kemis ba shi da abin da zai yi idan numfashin ya tsaya a gabansa.

Abin da ya dace ba shi da yawa. A bar yaron a zaman da ya zaɓa. Wanda ya fi sabawa da shi, galibi uwarsa, ta ɗauke shi a zaune a kan cinyarta, tana yi masa magana a hankali. Kada a goya shi a baya, domin zani yana matse ƙirji, kai yana langaɓewa, kuma uwa ba ta ganin fuskarsa. A rage taron jama'a da salati mai ƙarfi a kansa, don firgicin manya yana shiga yaro. A nemi mota ko a-daidaita-sahu, a nufi babban asibiti mai ɗakin tiyata da likitan sa barci, ko da akwai ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ya fi kusa. Idan ƙaramin ne kaɗai ake iya kaiwa, a je, amma a nemi su tura gaba nan take. Da isa, kada a bi layin kati. A faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani: yaron nan ba ya iya haɗiye miyansa, ya ƙi kwanciya, numfashinsa na wuya, kuma yau ɗin nan ya fara. Idan kuwa yaron ya suma a hanya ya daina numfashi, to a nan ne kawai ake kwantar da shi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki ana ci gaba da tafiya, domin iskar da aka tura da ƙarfi tana iya ratsa kumburin.

A cikin asibiti

Mu koma ga yaronmu ɗan shekara 4. A asibitin da suka san aikinsu, abin da uwar za ta fara lura da shi shi ne ba a taɓa shi sosai. Ba a raba shi da ita ba, ba a soka masa allurar ƙarin ruwa ba, ba a ɗebi jininsa ba. An ba ta bututun iskar oksijin ta riƙe kusa da fuskarsa. Wasu iyaye kan ɗauka sakaci ne, har su fara faɗa. A'a, da gangan ne. Likitan yana kallon yaron daga nesa yana kiran mutum biyu, likitan sa barci da likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai hoton wuya da ake ɗauka daga gefe, wanda ke nuna marfin ya yi kauri har likitoci suna kiran abin alamar babban yatsa, amma ba a tura yaron da numfashinsa ke wuya zuwa ɗakin hoto. Ana yin sa ne kawai idan yaron yana da sauƙi kuma ana shakka.

Daga nan sai ɗakin tiyata, uwar na riƙe da shi har ƙofa ko har ciki. Ana sa shi barci da iskar da yake shaƙa yana zaune, sai ya yi nisa a kwantar da shi. A lokacin ne ake duba maƙogwaron, a ga marfin ya yi jawur ya kumbura, a zura bututun roba ta gefensa zuwa hanyar iska. Ɗan shekara 4 bututu mai faɗin milimita 5 ake sa masa a ka'ida, amma a nan sai an ɗauki wanda ya fi shi ƙanƙanta, 4 ko 4 da rabi, saboda matsin wurin. Likitan maƙogwaro yana tsaye da kayansa, idan bututun ya ƙi shiga ya huda hanyar iska ta gaban wuya. Wannan huda tana tsorata iyaye, amma ta wucin gadi ce, ana cire bututunta wurin ya rufe.

Sai numfashi ya tabbata ake ɗibar jini don gano ƙwayar, a sa ƙarin ruwa, a fara maganin kashe ƙwayar cuta ta jijiya. Wanda aka fi amfani da shi shi ne seftirayazon, ana auna shi da nauyin yaro, a ba shi na kwanaki, galibi tsakanin 5 da 10 gwargwadon yadda likita ya ga jikin. Cikin kwana biyu zuwa uku kumburin yakan sauka a cire bututun. Yaron da aka kawo a kan lokaci yawanci yana warkewa sarai, ya koma cin tuwonsa da muryarsa kamar da. Wanda ke mutuwa ko ya tashi da lahani a ƙwaƙwalwa shi ne wanda iska ta yanke masa kafin a kai ga bututun. Ciwon kansa yana jin magani, jinkiri ne ke kisa.

Akwai sauran aiki a gida. Idan gwaji ya nuna Hib ce, kuma a gidan akwai ƙaramin yaro da bai kammala rigakafi ba, ko mai raunin garkuwar jiki, likita kan rubuta wa mutanen gidan, manya da yara, maganin rifamfisin na kwana 4 don share ƙwayar daga maƙogwaronsu. Yana mai da fitsari ja-ja na ɗan lokaci, wannan ba abin damuwa ba ne. A gidajenmu na gandu, inda yaran ɗakuna da yawa ke ci tare su kwana tare, wajibi ne a gaya wa likita adadin ƙananan yaran gidan gaba ɗaya, ba na ɗaki ɗaya kawai ba.

Manya ma suna kamuwa. A ƙasashen da rigakafi ya wadatu, yanzu an fi ganin ciwon ga manya fiye da yara. Likitoci da dama da suka nazarci rasuwar shugaban Amurka na farko, Joj Washinton, a watan Disamba na 1799, suna ganin wannan ciwo ne ya kashe shi, bayan kwana ɗaya zuwa biyu yana fama da wuya da numfashi. Ga babba yakan zo a hankali, amma mutumin da wuyansa ke masa ciwo mai tsanani, muryarsa ta dushe, yana tofar da miyau don ya kasa haɗiyewa, shi ma na gaggawa ne.

Rigakafin Hib ya fara yaɗuwa a ƙarshen shekarun 1980, kuma duk inda aka rungume shi wannan ciwo ya kusa ɓacewa daga ɗakunan yara, har akwai likitoci matasa a Turai da ba su taɓa ganinsa ga yaro ba. Gambiya ta sa shi cikin rigakafin yaranta a 1997, Nijar a 2008, Najeriya ta fara a 2012. Yana cikin allurar da ake rubutawa Penta a katin yaro, wadda ake yi a cinya sau uku, a mako 6 da 10 da 14 da haihuwa, kyauta a asibitocin gwamnati. Allurar ɗaya ce ke kare yaro daga mashaƙo, da tarin shiƙa, da sandarewar tetanus, da wani nau'in ciwon hanta. Ɓarkewar mashaƙo da muka gani ta nuna cewa yara masu yawa a Arewa ba su samu ukun nan ba, kuma yaron da bai da kariya daga mashaƙo bai da ita daga Hib. Rigakafin bai rufe kowace ƙofa ba, tunda wasu ƙwayoyin ma kan kawo kumburin, don haka ko yaron da ya kammala allurarsa ya nuna alamun nan a ruga da shi.

Iyaye, ku ɗauko katin kowane ƙaramin yaro da ke gidanku ku duba layin Penta. Idan ba ku ga kwanan wata uku a rubuce ba, ku kai shi asibiti mafi kusa a ranar rigakafi ta wannan mako, ko da ya wuce watannin, ma'aikatan lafiya za su gaya muku abin da ya rage a yi masa.